Bayanin turare ga wanda bai shaƙa ba: me ke ciki, awa nawa, mil nawa

Cinikin turare da yawa yanzu a waya ake yin sa. Kaya suna butiki a Yamai, kusa da Babbar Kasuwa ko Wadata, mai saye kuma tana Tawa, sama da kilomita 500 tsakani. Ta ga hoto, ta tura kuɗi, a saka mata a mota. Hancinta bai halarci cinikin ba, don haka abin da aka rubuta ƙarƙashin hoton ne ya tsaya a madadinsa. To me ake rubutawa? "Ƙamshin ƴan gayu." "Mai kwantar da hankali." "Na amare." "Ya haɗu, sai wanda ya shaƙa." Duk cikinsu babu wanda zai sa ta san ko kwalbar da ke tafe zaƙi gare ta ko ɗaci, ko za ta kai ta la'asar, ko girman ɗan yatsa ce. Kuma kalmomin nan za a iya ɗora su kan kowane turare a shagon ba tare da an canza harafi ba. Ni a ganina bayanin turare aikinsa ɗaya ne, ya sa wanda bai shaƙa ba ya iya hasashen abin da zai ji, kuma idan kayan suka iso ya iya cewa an faɗa masa daidai ko an zuga shi.

Abu na farko da ya kamata mai sayarwa ya riƙe shi ne cewa turare ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kwalba guda tana ɗauke da sinadarai masu yawa, wasu marasa nauyi da ke saurin tashi daga fata su bi iska, wasu masu nauyi da ke liƙewa. Duk suna nan tun daga shafawar farko, sai dai marasa nauyin sun fi ƙarfi a hanci da fari, idan sun tafi sai na bayansu su fito fili. Shi ya sa masu sana'ar suke raba ƙamshi uku: na farko, na tsakiya da na gindi. Kusan kamar shayin da ake dafawa a fada ne, ganye ɗaya amma na farko daban, na biyu daban, na uku daban.

Na farkon yawanci dangin lemo ne, da na'a-na'a, da ɗan yajin citta ko masoro. Minti 10 zuwa 30 yake yi, a zafin watan Afrilu ma bai kai haka ba. Na tsakiya shi ne jikin turaren: furanni irin su wardi da yasmin, ko kanumfari da kirfa, ko ƴaƴan itace masu zaƙi. Wannan yakan ɗauki awa 2 zuwa 4. Na gindi kuwa itace ne da ƙaro da makamantansu, wato sandal, al'ul, jema, miski, ambar, banila. Shi ne wanda za ka ji a wuyan riga washegari.

Nan ake yawan faɗawa rami. Mutum ya shiga shago, a fesa masa a bayan hannu, ya kai hanci nan take, ya ce a ƙunsa masa. Abin da ya shaƙa a daƙiƙun nan alkol ne da ƙamshin farko, wanda kafin ya kai bakin titi ya tari kabu-kabu ya fara gushewa. Ya sayi kwalba saboda lemo, ya wuni da banila. Saboda haka idan wurin rubutu ya yi kaɗan, a bar na farkon a faɗi na tsakiya da na gindi, don su ne mai saye zai zauna da su. Turaren mai, wanda babu alkol a cikinsa, ba ya buɗewa da ƙarfi irin na fesawa, sauyinsa ma a hankali yake zuwa. Wasu mayukan kusan yadda suka fara haka suke ƙarewa, kuma wannan ma abin faɗa ne, domin akwai masu neman hakan.

Sai zaɓen suna. Kwalin da ya zo daga Dubai ko Faransa yakan jero sunayen da mai saye a Tawa bai taɓa jin su ba, mai sayarwa ya kwafe su yadda suke ya ɗora. Gara a nemo abin da hancin mutanenmu ya riga ya sani. Duk wadda ta taɓa haɗa humra ko turaren wuta ta san kajiji, ta san farce, ta san hawi da sandal. Idan aka ce mata gindinsa yana da ƙasa-ƙasa irin na jema, ta gane. Idan aka ce zaƙinsa na alawar madara ne, ta gane, kuma ta san ko tana so. Binta Sudan ma ma'auni ne mai kyau, tunda da wuya a sami gidan da ba a san shi ba: a ce ya fi shi sanyi, ko ya fi shi itace, an ba mutum wurin tsayawa. Suna uku ko huɗu sun isa. Jerin suna goma sha biyar ba ya ƙara wa kowa sani, don babu hancin da ke tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai sunaye uku da suke buƙatar ƙarin kalma, in ba haka ba su ma sun zama irin "ya haɗu". Na ɗaya miski. Farin miski ƙamshinsa na wankakken tufafi ne, mai laushi, kusa da sabulu. Baƙin miski mai nauyi ne, da ɗan warin jiki a ƙasansa. Wanda ya nemi wancan aka aiko masa da wannan, sai an yi rigima. Na biyu ambar, wanda a bakin ƴan kasuwa yawanci yana nufin haɗi mai ɗumi da zaƙi na ƙaro da banila. Na uku al'ul. Al'ul na asali daga itacen da ke fitowa a yankin Assam na Indiya da Kambodiya da maƙwabtansu ake samun sa, bayan itacen ya kamu da cuta ya tara ƙaro mai duhu a cikinsa, kuma tsadarsa ta wuce a zuba shi a kwalbar jaka 2. Abin da ke cikin kwalbar jaka 2 haɗin masana'anta ne da ke kwaikwayonsa. Wannan ba laifi ba ne, kusan duk turaren zamani haka yake, har masu tsadar. Laifin shi ne a rubuta "al'ul tsantsa". A rubuta "ƙamshin al'ul", sannan a faɗi wane iri: mai hayaƙi da zaƙi, ko mai kaifi irin na magani, ko mai warin fata da garke, wanda wasu ke mutuwar so wasu kuma ba sa iya zama kusa da shi.

Maganar daɗewa ita ce inda aka fi zuga mutane, ita ce kuma ta fi wahalar faɗa daidai. "Yana awa 24" ko "yana kwana uku" magana ce da za ta iya zama gaskiya ta kuma zama yaudara a lokaci guda, saboda ba a faɗi a kan me ba. A kan tufafi, musamman auduga da shadda, turare mai gindin itace yana iya kwanaki, tunda yadi ba shi da zafin jiki kuma ba ya gumi. A kan fata turaren nan ɗaya zai iya ƙarewa cikin awa 5. Mai sayarwa ya ba da lissafin hula, mai saye ya auna da wuyan hannu, kowa ya rantse shi ke da gaskiya.

Bayan haka akwai bambanci tsakanin turare yana nan da turare ana jin sa. Awa 2 na farko wanda ke zaune nesa da kai a tabarma zai ji. Daga nan sai ya ja da baya, sai wanda ya matso gaisawa. Can gaba kuma sai ka kai hancinka kan fatar. Duk waɗannan ana iya kiran su "bai tafi ba", amma mai zuwa biki da mai zuwa biro ba abu ɗaya suke nema ba. Turaren mai ya fi daɗewa a fata amma ba ya nisa. Na fesawa alkol ɗin ke ɗaga shi ya cika ɗaki, ya kuma riga shi sauka.

Yanayi ma yana da nasa rabo. A bazara, lokacin da Yamai da Tawa ke wuce digiri 40, turare yana tashi da ƙarfi ya ƙare da wuri, kuma mai zaƙi da yawa yakan zama mai hawa kai. Da hunturu kuma fata ce ke bushewa, busasshiyar fata kuwa ba ta riƙe ƙamshi, shi ya sa wanda ya fara shafa man da ba shi da ƙamshi yake samun ƙarin lokaci. Lambar da aka auna a watan Disamba cikin ɗaki mai na'urar sanyi ba za ta yi aiki a watan Mayu a kan babur ba.

Sannan hancin mutum da kansa yana yaudararsa. Ƙamshin da ya daɗe tare da kai, hanci yakan saba da shi ya daina kawo maka labarinsa. Mutum ya ce turarensa ya mutu tun hantsi, alhali na kusa da shi a sahu yana ji har azahar. Wasu nau'o'in miski ma akwai mutanen da ba sa jin su sosai tun asali. Don haka mai gwaji ba ya zama alƙalin kansa, sai ya sami hanci na biyu.

Ga yadda gwajin yake idan ana son lambar da za a iya tsayawa a kanta. A ce wata mai sayarwa a Yamai ta karɓi sabon mai, na wardi da al'ul, tana zuba shi a kwalaben mil 6, wato mililita 6. Da safe bayan wanka da sabulun da ba shi da ƙamshi mai ƙarfi, ta ɗiga ɗigo ɗaya a cikin wuyan hannu, ba tare da ta murza ba, ta ɗiga wani a ƙyallen farar auduga ta rataye shi a inuwa. Ta duba agogo, a ce ƙarfe 8. Ranar ba za ta taɓa wani turare ba, ba za ta turara ɗaki ba, wanda ga mai wannan sana'a shi ne mafi wuya. Bayan minti 15 ta shaƙa ta rubuta abin da ta ji da kalmomi na zahiri. Ta sake bayan awa 1, bayan awa 3, bayan awa 6. Kowane karo ta kira ƙanwarta ta tsaya nesa da ita kamar kamu biyu ko uku.

"Kina ji daga nan?"

"Ina ji, Yaya, amma ba kamar ɗazu ba. Furen ya ragu, yanzu kamar hayaƙin itace."

Wannan amsa ta fi duk abin da ke jikin kwali amfani. Alwala za ta wanke wuyan hannu da azahar, don haka wanda yake son gwajin ya wuce nan sai ya ɗiga a damtse, sama da gwiwar hannu. Wannan ma wani dalili ne da ke sa mutanenmu ganin turare ba ya daɗe musu: inda aka saba shafawa nan ruwa ke bi sau biyar a rana.

A ce abin da ta samu shi ne: minti 20 na farko ɗan yajin kanumfari, daga nan wardi mai zaƙi har wajen ƙarfe 11, sai itace mai hayaƙi da farin miski. Ƙanwar ta daina ji daga nesa wajen ƙarfe 10 da rabi, amma a fata yana nan har la'asar. Ƙyallen kuwa washegari da yamma yana ƙamshi, kuma ya bar tabo ruwan ƙasa. Bayanin da za ta rubuta ke nan:

"Turaren mai ne, babu alkol. Yana farawa da kanumfari, jikinsa wardi mai zaƙi, gindinsa ƙamshin al'ul mai hayaƙi da farin miski. A fata awa 7 zuwa 8, na kusa yana jin sa awa 2 zuwa 3 na farko. A tufafi yana kwana. An gwada shi da zafi. Yana taɓa farin kaya, a shafa a jiki ko a cikin riga. Mil 6, jaka 3."

Babu kalmar yabo ko ɗaya a ciki, amma Hajiyar da ke Tawa ta san ba na shafawa a farar shaddar Alhaji ba ne, ta san kuma idan ba ta son zaƙi ta wuce. Wadda ta wuce ɗin ba asara ba ce, domin da ta saya da ta dawo da ƙorafi. A lura an ba da lambar tsakanin kaza da kaza, saboda fata ta bambanta, kuma an faɗi lokacin da aka gwada.

Rubutun da ke jikin kwalaben fesawa yana ɗan taimakawa, amma kada a jingina da shi gaba ɗaya. Eau de Toilette yawanci yana nufin man ƙamshi kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, Eau de Parfum kashi 15 zuwa 20, Extrait sama da haka. Al'adar masana'antu ce, kowane kamfani da yadda yake aunawa. Kuma yawan mai ba shi kaɗai ke kawo daɗewa ba. Turaren da aka gina kan lemo ko an cika shi da mai zai riga mai gindin sandal da miski tafiya, don irin sinadarin ne ke hukunci kafin yawansa. A ɓangaren mai kuma, kauri ba shaida ba ne. Ana tsinka man turare da wani ruwa mai kauri marar ƙamshi da ake kira DPG, kuma wani gwargwado nasa daidai ne, tunda wasu mayukan sun fi ƙarfin a shafa su zalla. Idan aka zarce, man zai yi kauri a ido, ya yi santsi a hannu, ƙamshin ya dushe cikin awa 1 ko 2. Ido ba zai gane ba, agogo ne ke ganewa.

Girman kwalba bai kamata ya zama abin muhawara ba, amma hoto ya mayar da shi haka. An ɗauki kwalbar mil 3 kusa-kusa ta cika fuskar waya, ko kuma kwalba mai kaurin gindi da katon murfi wadda rabin girmanta gilashi ne. "Babba", "matsakaiciya" da "ƙarama" ba awo ba ne. A mai, tola ita ce awon da aka gada daga Indiya, nauyinta giram 11.66, amma a kasuwa kwalbar mil 12 ake kira tola, mil 6 rabin tola, mil 3 kwata. Yana da kyau a rubuta duka biyun, a kuma cika kwalbar har wuya, don a kwalbar mil 3 ɗan giɓin da aka bari a kafaɗa yana iya cinye kashi ɗaya cikin biyar na kayan. A na fesawa, idan an ga 3.4 fl oz mil 100 ke nan, 1.7 fl oz mil 50, 1 fl oz kuma mil 30.

Amfanin sanin mil yana fitowa ne idan aka haɗa shi da daɗewa. Fesawa ɗaya tana fitar da kamar kashi ɗaya cikin goma na mil, wato kwalbar mil 100 tana ba da fesawa wajen 1,000. A ce an saye ta jaka 15, mai ita yana fesa 6 kowace safiya. Za ta kai shi kamar wata 5 da rabi, kowace rana ta tashi masa sefa 90. In kuwa turaren ba ya wuce awa 3, dole ya ƙara da rana, to fesawa ta zama 12, kwalbar ba za ta cika wata 3 ba, kuɗin rana ya koma 180. Man can na mil 6 a jaka 3 ya fi tsada nesa idan an bi ta mil, 500 ke nan kowane mil, na fesawar kuwa 150. Amma ɗigo kamar 20 ne ke cika mil, mai shafa ɗigo 2 a rana zai yi wata 2 da shi, sefa 50 a rana. Wanne ya fi araha ya danganta da abin da mutum ke so, don mai son a ji shigowarsa tun daga zaure mai ba zai biya masa buƙata ba. Sai dai ba zai iya wannan lissafin ba sam idan abin da aka ba shi "babbar kwalba mai daɗewa" ne kawai.

Akwai kuma dalilin da zai sa a ƙasarmu babbar kwalba ba koyaushe ce riba ba. Zafi da haske da iska suna lalata turare, kuma ƙamshin farko, musamman lemo, shi ke fara lalacewa. Yayin da kwalba ke raguwa iskar da ke cikinta ƙaruwa take. Wadda aka ajiye kan taga ko cikin aljihun mota ta yi bazara ɗaya, za ka ji buɗewarta ta yi tsami ko ta koma kamar tsohon mai, ko da gindin yana nan lafiya. Duhun launi shi kaɗai ba hujja ba ne, don mai banila yakan yi duhu da kansa ba tare da ya ɓaci ba. Wanda ke da turare huɗu ko biyar yana juya su, mil 30 ko 50 ya fi masa, ya ajiye cikin kwalinsa a ƙasan akwati. Mai sayarwa kuma idan daga babbar kwalba take ɗura ƙananan, ta faɗi haka a bayanin, tare da watan da ta buɗe ta.